Yadda muka gyara tallan damina a shagon Kawu a Agege

Shagon kawuna yana Agege, ba nisa da gadar Pen Cinema. Asalin sana'arsa kayan gini ne, kwano da ƙusa da katako, amma da tafiya ta yi tafiya ya ware kusurwa guda ya jera janareta da yake sarowa daga kasuwar Alaba, in damina ta kawo jiki kuma sai ya aike ni Idumota in ɗauko katan-katan na laima. Ni nake riƙe littafin ciniki da wayar shago, don haka duk abin da ya shafi talla a wuyana yake.

A shekarar 2023 na sa aka buga mana babban allon leda, aka rubuta "Garaɓasar damina" da jan fenti, a ƙasa aka ce akwai rangwamen kashi goma cikin ɗari a kan laima da kwano da janareta. Muka rataya shi a ƙarshen watan Mayu. Da muka zauna lissafi a watan Agusta, sai littafi ya nuna mana abin da ba mu so ba. Laima ta fita, amma a ranakun da aka yi ruwa kawai, wato ranakun da ko babu rangwame za a saye ta, ashe kyautar ribarmu muka yi. Kwano ya zauna yana kallonmu, domin babu kafintan da zai yarda ya yaye rufin ɗaki a watan Yuni a Legas. Janareta kuwa, a ranar 29 ga Mayu aka sanar da cire tallafin fetur, farashin lita ya ninka fiye da sau biyu, mutum ya shigo ya shafa injin ya tambayi mai nawa yake sha, ya juya ya fita. Allonmu bai ce komai a kan mai ba.

Kawu bai yi faɗa ba. Ya ce min, "Ɗana, ka taɓa jin wani ya shigo shagon nan ya ce damina ce ta dame shi?" Na ce a'a. Ya ce, "To ɗauki biro. Daga yau duk wanda ya shigo, kafin ka rubuta abin da ya saya, rubuta maganar da ya fara faɗa."

Na yi haka har ƙarshen watan Oktoba, na cika shafi da dama. Masu neman kwano suna cewa, "Ɗakina yana yoyo a kan gado," ko "Silin ya yi baƙi, 'yan haya sun dame ni." Masu tambayar janareta kusan ba wanda ya ambaci duhu. Abin da suke faɗa shi ne nama zai lalace a firiza, ko tanki ya ƙare babu wutar jan ruwa, ko an ɗauke wuta tun da aka yi iska kwana uku ke nan. Mai laima shi ba ya ma bayani, yakan shigo a guje ya ce, "Ba ni mai ƙarfi." Damuwa uku ce daban, kowacce da lokacinta da bakin da ake yi mata magana, mu kuma mun cusa su a allo ɗaya muka liƙa musu farashi.

Daga nan na fara duba kalandar ruwan Legas da idon ɗan kasuwa. Mu da muka taso a Arewa mun saba ruwa ya sauka a Mayu ko Yuni, ya yi ƙarfi a Agusta, wata mai marka. A Legas ba haka ba ne. Tun watan Maris ake fara samun hadari mai iska, ruwa ya kankama daga Afrilu, ya kai maƙura a Yuni da Yuli, sai ya lafa a Agusta na 'yan makonni, ya dawo a Satumba da Oktoba. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, ni ma na fara bibiyarsa. Ruwan farkon nan mai iska shi ne yake yaye rufi, shi ne kuma yake kayar da turakun wuta. Ke nan mai sayar da kwano da ya jira Yuni ya makara da wata uku.

Saboda haka a 2024 muka fara da kwano, tun watan Fabrairu. Azumi zai kama a Maris a shekarar, mun san kuɗin mutane zai karkata ga abinci da kayan salla, shi ya sa muka yi sammako. Ban buga allo ba. Na naɗi gajeriyar murya da Hausa na tura ta WhatsApp ga waɗanda lambarsu ke cikin littafinmu, yaron shago kuma ya naɗi irinta da Yarabanci domin masu gidajen da 'yan uwanmu suke haya. Abin da na ce bai wuce haka ba: in ɗakinka ya yi yoyo bara, zai yi bana, kuma yanzu ne kafinta zai iya hawa. Duba silin ɗinka, in ka ga tabo mai ruwan ƙasa, kira mu, za mu turo kafinta ya duba kyauta.

Wannan dubawar kyauta ita ce garaɓasar tamu, ita ta maye gurbin rangwamen kashi goma. Mun yi yarjejeniya da kafintoci biyu, mu biya su kuɗin mota da ɗan abin shan ruwa, aikin in ya samu nasu ne, kayan kuma daga shagonmu.

Ranar farko na bi ɗaya daga cikinsu zuwa gidan wata Hajiya a Zango, gida mai ɗaki huɗu a jere. Ta riga ta yanke shawarar sauya rufin gaba ɗaya, tana tsoron kuɗin. Kwanon da aka saba da shi ana sayar da shi bandir-bandir, falle ashirin a bandir, kowane falle tsawonsa ƙafa shida. In aka cire abin da ake ɗorawa a kan juna, ɗaki mai ƙafa sha biyu a sha biyu yakan ci kusan bandir guda. Lissafinta ke nan bandir huɗu, ban da katako da ƙusa da ladan aiki. Kafinta ya shiga ɗaki da tsakar rana, ya ɗaga silin ya leƙa, duk inda haske ya ratso ya yi alama. Sannan ya hau sama. Da ya sauko ya ce, "Hajiya, rufinki bai mutu ba. Ƙusa ce ta cuce ki."

Ya nuna mana. Wanda ya yi aikin farko ya buga ƙusoshi da yawa a kwarin kwanon, inda ruwa yake bi, maimakon a kan tudun. Robar da ke ƙarƙashin kan ƙusar ta bushe ta tsage, tsatsa ta faɗaɗa ramin. Sannan inda falle ya hau kan falle, an ɗora abin da bai kai faɗin tafin hannu ba, alhali ana so ya kai inci shida, ya ma fi haka in rufin ba shi da gangara sosai. Ruwan Legas in ya haɗu da iska ba daga sama kawai yake zuwa ba, iska tana tura shi ya hau ta ƙarƙashin haɗin. Fallen da suka ruɓe da gaske tara ne, duk a gefen da ruwa yake taruwa kafin ya sauka indararo. Abin da Hajiya ta saya a ranar ke nan: falle tara, ƙusa mai roba, da katako uku da suka ci ruwa.

A hanyar dawowa zuciyata ta ɗan sosu, domin cinikin bandir huɗu ya koma ƙasa da rabin bandir. Kawu ya ce in bar shi. Kafin azumi ya raba tsakiya, gidaje uku a layin Hajiya sun kira mu, ɗaya daga cikinsu rufin duka aka sauya.

A wannan gidan ne na koyi yadda ake daidaita maganar kwano da damuwar mai gida. Shi ba yoyo kaɗai ya dame shi ba, cewa ya yi bai daɗe da sauya kwano ba, ga shi ya yi ja. Iskar Legas tana ɗauke da danshi da gishirin teku, kwanon ƙarfe sirara ba ya jurewa kamar yadda yake jurewa a Kano ko Katsina. Ga irin wannan mutum amfanin da za ka gaya masa shi ne alminiyon ba ya yin jar tsatsa, kuma dogon falle da ake yanka shi daidai tsawon rufi ba shi da haɗi a tsakiya, ƙofar da ruwa yake bi ta rufe ke nan. Sai ka gaya masa iyakar abin: alminiyon yana da taushi, in ya yi siriri da yawa iska tana lanƙwasa shi, ƙusa tana yaga shi. Kaurinsa ana auna shi da milimita, za ka ji ana cewa 0.45 ko 0.55, kuma abin da aka faɗa da baki ba kullum yake zama abin da aka kawo ba. Kawu ya sayi ɗan ma'aunin kauri ya ajiye a kan teburi, duk mai saye sai ya auna da hannunsa kafin a loda. Wannan ɗan ƙarfen ya jawo mana mutane fiye da allon bara.

Tallan janareta mun riƙe shi sai da aka yi iskar farko mai ƙarfi, wuta ta tafi a unguwa kwana biyu. Washegari na tura saƙo, ba ga kowa ba, ga mutanen da na san suna da firiza: masu nama da ke ɗauko kaya daga mayankar Oko-Oba, masu ƙanƙara da zoɓo da kunun aya, da masu shagon sanyi. Na ce: kawo mana jerin abin da kake so ka kunna, mu yi maka lissafin injin da zai ɗauka da man da zai sha, kafin ka kashe ko sisi.

Wani mai nama ya zo da kuɗin ƙaramin injin nan da ake haɗa masa fetur da baƙin mai, wanda aka rubuta 950 a jikinsa. Na ce, "Malam, me za ka ɗora masa?" Ya ce firiza biyu, fanka biyu, ƙwan lantarki huɗu. Na sa ya kira gida aka karanto mana takardar da ke manne a bayan firizar, kowacce wat 200. Fanka wat 70 kowacce, ƙwai wat 10 kowanne. Jimla wat 580. Ya yi murmushi ya ce ai 950 ta fi 580. Na ce haka ne a takarda, amma firiza lokacin da injinta zai tashi tana fizgar wuta ninki uku ko fiye na ɗan lokaci. In biyun suka tashi tare, wat 1200 ke nan, ka ƙara 180 na fanka da ƙwai, ka doshi 1400. Ƙaramin injin ko 950 ɗin da aka rubuta ba ya riƙewa na dogon lokaci. Abin da zai faru shi ne injin ya yi gurnani, ƙwai ya dushe, firiza ta yi ƙara "ƙas" ta kasa tashi, ta sake gwadawa, a haka har ta ƙone. Alamar ke nan da kowa zai iya ganewa.

Na nuna masa mai 2.5 kVA. Wannan lambar ba wat ba ce, sai ka ninka ta da 0.8, ka samu wat 2000 ko kusa da haka. Ya ishe shi har da sarari, musamman in ya kunna firiza ɗaya, ya jira minti biyu, sannan ya kunna ta biyu. Da ya zo kan maganar mai, wadda ita ce ainihin tsoronsa, na gaya masa ba sai injin ya kwana yana aiki ba. Firiza mai murfi a sama, in ta cika da kaya kuma sun daskare, tana riƙe sanyi yini guda in ba a yawan buɗe ta. 'Yan awanni da safe, 'yan awanni da yamma sun wadatar. Bai saya a ranar ba, kuɗinsa bai kai ba. Ya dawo bayan mako biyu. Akwai kuma wanda ya zo neman babban inji don kawai ya ga maƙwabcinsa yana da shi, lissafi ya nuna rabin wannan ya ishe shi, muka sayar masa da ƙaramin, domin ƙaton inji ko ba ka ɗora masa kaya ba mai yake sha.

Akwai abu guda da na nace sai an sa a kowane saƙon janareta, ko da zai rage mana ciniki. A damina mutane suna jin tausayin injin, in hadari ya haɗu sai su jawo shi cikin baranda ko lungun da ke tsakanin ɗakuna, su rufe ƙofa da taga saboda feshin ruwa, su kwanta. Hayaƙin janareta yana ɗauke da iskar guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Tana fara wa mutum da ciwon kai da jiri da kasala, mai barci kuwa ba ya farkawa. Duk wanda ya zauna a Legas ya ji labarin gidan da aka wayi gari an rasa mutane ta haka. Ba zan iya sayar wa mutum inji da sunan damina in bar shi ya je ya yi wannan ba.

Maganin ya fito daga cikin shagon. Muna da guntayen kwano da falle masu ɗan lahani da ba a iya sayarwa a kan cikakken farashi. Kafinta ya riƙa haɗa su da katako yana yin 'yar rumfa, rufi a sama, gefe huɗu a buɗe don iska ta ratsa. Duk wanda ya sayi janareta a damina muka ba shi rumfar kyauta, da bulo huɗu da zai ɗora injin a kai saboda ruwan da ke kwanciya a tsakar gida. Muna gaya masa ya ajiye shi a waje, nesa da ƙofa da taga gwargwadon yadda filin gida ya bari, bututun hayaƙi yana kallon nesa da ɗaki, kar ya taɓa shi da jiƙaƙƙen hannu, kar ya zuba mai yana aiki. A gidajen haya masu ɗakuna suna kallon juna wuri yana da wuya, na sani, shi ya sa wani lokaci yaronmu yake bin mai saye har gida su nemi gurbi tare. Kuɗin rumfar bai kai rabin rangwamen da muka yi bara a kan inji ɗaya ba, ga shi ta amsa tambayar da kowa yake yi, wato ina zan sa shi in ana ruwa.

Laima ba ta buƙatar dogon shiri. Ba a tallarta a waya, sama ce take tallarta. Abin da muka sauya shi ne wuri da lokaci: da hadari ya haɗu, yara biyu su ɗauki dozin-dozin su tsaya inda mutane ke sauka daga danfo da bakin tasha. Babu rangwame. Mai saye tsoronsa iska ce, kar laima ta kife masa a tsakiyar titi, don haka na koya wa yaran su buɗe ta a gabansa, su girgiza da ƙarfi, su nuna masa haƙarƙarinta guda takwas, su bambance masa mai siririn ƙarfe da ke lanƙwashewa ya yi tsatsa da mai sandunan roba masu ƙarfi da ke lanƙwasawa su dawo. Mai naɗewa ta shiga jaka ta ma'aikata ce da 'yan makaranta, doguwa mai sanda ta fi jure iska. Babbar laimar 'yan tireda ita kaɗai muka yi wa talla tun Maris, ga masu shayi da masu POS da mata masu kayan miya, domin su kayansu suke karewa, kuma sukan so a ba su su biya sau biyu.

Ranar 3 ga Yuli 2024 aka wuni ana ruwa a Legas, hanyoyi da dama suka cika. Laimar da ke shago ta ƙare kafin azahar. Wayata kuma ta yi ta ƙara, masu yoyo suna so a zo yau-yau. Ban yi musu alƙawarin da kafinta ba zai iya cikawa ba. Na ce su sa leda mai kauri su tare, na rubuta sunan layi da yawan ɗakuna, na ce da ruwa ya lafa a Agusta za mu zo. Mutum goma sha ɗaya na rubuta a ranar. Da Agusta ta shiga aka samu kwanaki a jere babu ruwa, na bi jerin ɗaya bayan ɗaya ina kira. Takwas suka amsa, kafintocin nan biyu suka raba gidajen a tsakaninsu, suka gama na ƙarshe saura kwana kaɗan Satumba ta shiga.